Yadda ake rubuta imel ɗin gyara idan saƙo ya tafi ba daidai ba

Wanda ya saba da WhatsApp yakan ɗauka kowane saƙo ana iya janye shi, domin a can akwai Delete for everyone, kana dannawa saƙon ya ɓace a wayarka da wayar wanda ka aika wa. Imel ba haka aka gina shi ba. Da zarar ka danna Send, sabar kamfanin da ke riƙe da akwatinka takan miƙa kwafin saƙon ga sabar wanda aka aika wa, kuma daga wannan lokacin kwafin ya zama nasa. Ko ka shiga Sent ka goge naka, nasa yana nan daram. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, to imel ma haka yake.

Akwai ƙofofi biyu ƙanana da ya kamata a gwada kafin a zauna rubuta gyara. Ta farko ita ce Undo na Gmail, wanda ke bayyana a ƙasan allo bayan ka aika. Ba janye saƙo yake yi ba, Gmail ne ke riƙe saƙon na ɗan lokaci kafin ya sake shi. Idan ba ka taɓa saitin ba, daƙiƙa 5 ne kacal, ana kuma iya mai da shi 10, 20 ko 30. Ta biyu ita ce Recall na Outlook, wanda ke aiki ne kawai idan kai da wanda ka aika wa kuna cikin tsarin imel na ma'aikata ɗaya, wato Microsoft 365 ko Exchange. Idan saƙon ya tafi adireshin Gmail ko Yahoo ko na wani kamfani, Recall ba zai cire komai ba. Kuma ko a cikin ofis ɗaya, idan mutumin ya riga ya buɗe ya sauke fayil ɗin, abin da ya gani ya gani. Saboda haka gwada waɗannan biyun ba ya wuce minti ɗaya, kuma ba dalili ba ne na zama ana jira.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wata sakatariya ce a kamfanin da ke haɗa tebura da kujerun makaranta a Kano. Shugabar wata makaranta mai zaman kanta ta nemi a aiko mata da takardar farashin tebura 120 masu haɗe da benci. Da ƙarfe 10:15 na safe sakatariyar ta aika saƙon, ta saka manajanta da akantan makarantar a Cc. Da ƙarfe 10:40 ta koma Sent ta buɗe fayil ɗin, sai ta ga takardar watan Janairu ce ta maƙala, wadda ke cewa naira 38,000 kowane tebur. Farashin yanzu naira 42,500 ne, domin katako da ƙarfe sun tashi. Jimillar tsohuwar takardar naira 4,560,000 ce, ta sabuwar kuma naira 5,100,000. Bambancin naira 540,000 ne, kuma idan shugabar ta kai tsohon lissafin gaban masu makarantar suka amince da shi, janye shi daga baya zai yi kama da ƙarin kuɗi bayan an gama ciniki.

Abin da za ta fara yi shi ne ta tsaya a kan saƙon da ke Sent ta tabbatar da abu uku da idonta: su wa suka samu, wane fayil ne ainihin ya tafi, kuma mene ne a cikinsa. Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa saboda ruɗewa, shi ya sa ake ganin gyara na biyu yana bin na farko bayan minti uku, wai an manta ba a maƙala fayil ɗin ba. Gyaran da shi ma yake buƙatar gyara ya fi kuskuren farko zubar da mutunci. Sai ta buɗe sabuwar takardar tun daga farko har ƙarshe, ta duba kwanan wata da jimilla, sannan ta sauya mata suna. Idan fayilolin biyu duk suna ɗauke da sunan `Farashi.pdf`, bayan mako guda babu wanda zai iya bambance su a cikin wayarsa. Suna irin `Farashi_tebura_Maris_gyararre.pdf` yana yi wa mai karatu rabin aikin.

Daga nan sai tambayar inda gyaran zai shiga. A irin wannan yanayin, inda mutanen da suka samu saƙon su ne waɗanda aka nufa, fayil ne kawai ba daidai ba, ya fi kyau a amsa a kan saƙon farko da Reply all. Dalili shi ne Gmail da Outlook suna tara saƙonni masu take ɗaya wuri guda, don haka duk wanda ya buɗe kuskuren zai ga gyaran a manne da shi. Akantan makarantar da ke Cc shi ma dole ya samu, domin mai yiwuwa shi ne zai rubuta cek. Kada a yi amfani da Forward a nan. Reply ba ya ɗauko fayilolin saƙon farko, amma Forward yana ɗauko su, sai ka wayi gari ka sake aika tsohuwar takardar tare da sabuwar. Wasu sukan sauya taken saƙon su saka kalmar GYARA a gaba. Amfaninsa shi ne yana jan ido, illarsa kuma a Gmail sauya take yana raba saƙon da na farko ya tsaya shi kaɗai. Ni na fi son a bar taken yadda yake, a sa gyaran a layin farko na saƙon, tunda layin farko ne waya ke nunawa a ƙarƙashin take tun kafin a buɗe.

Ga yadda saƙon nata zai iya kasancewa:

"Assalamu alaikum Hajiya. Gyara: takardar farashin da na aiko da ƙarfe 10:15 ta watan Janairu ce, don Allah kada a yi aiki da ita. Ga ta daidai na maƙala, mai suna `Farashi_tebura_Maris_gyararre.pdf`. Farashin tebur ɗaya naira 42,500 ne, ba 38,000 ba, jimillar 120 kuma naira 5,100,000. Sauran sharuɗɗan, wato lokacin kawo kaya da tsarin biya, ba su sauya ba. A yi haƙuri da kuskuren. Na gode."

Gajere ne, amma kowane layi da aikinsa. Ta ambaci lokacin da saƙon farko ya tafi, don kada Hajiya ta yi ta laluben wane saƙo ake nufi. Ta faɗi abin da za a yi da tsohuwar takardar ƙarara. Ta kuma fitar da bambancin da kanta, wanda shi ne ya fi komai muhimmanci a saƙon. Mutane da yawa sukan rubuta "ga takardar da ta dace" su tsaya nan, wataƙila don kunyar ambaton cewa kuɗin ya ƙaru. To amma hakan barin Hajiya ne ta buɗe takardu biyu tana gwada layi da layi, kuma idan ta gano ƙarin naira 540,000 da kanta, za ta ji kamar an so a wuce da shi ta bayan fage. Sannan ta faɗi abin da bai sauya ba, wanda ya hutar da mai karatu daga zargin sauran shafukan.

Ban haƙuri sau ɗaya ne, kuma a ƙarshe yake. A al'adarmu wannan yana iya zama kamar gajarta ladabi, musamman ga na gaba da kai, domin mun saba a fara da gaisuwa da tambayar iyali da aiki, sannan a yi doguwar shimfiɗa kafin a zo ga magana. Sallama da kiran mutum da girmansa suna nan, ba a taɓa su. Abin da ake cirewa shi ne labarin yadda aka yi: wuta ta ɗauke, manaja yana ta kira, fayilolin suna kusa da juna a kwamfuta. Hajiya ba ta da abin da za ta yi da wannan labarin, kuma duk layin da aka kashe a kansa yana tura farashin daidai zuwa ƙasa, inda mai karatu a waya ba lallai ya kai ba. Haka nan ba a ɗora laifin a kan yaron ofis ko a kan netwok. Da yawa daga wasiƙun ofisoshinmu da Turanci ake rubuta su, a Nijar kuma da Faransanci, amma jerin bai sauya ba ko da wane harshe ne.

Tunda maganar kuɗi ce, imel kaɗai bai isa ba. Minti 25 sun isa Hajiya ta buɗe takardar, ta tura wa wani ta WhatsApp, ta rufe imel ɗinta sai gobe. Don haka bayan aika gyaran sai sakatariyar ta ɗauki waya: "Ranki ya daɗe, na aiko da gyara a imel yanzu, takardar farko tsohuwa ce, jimillar miliyan biyar da dubu ɗari ce." Kiran yana tsayar da tsohuwar takardar inda take, imel ɗin kuma shi ne shaidar da za a koma gare ta in gardama ta taso.

Yanzu bari mu sauya misalin kaɗan, domin a nan ne lamarin ke yin nauyi. A ce ranar biyan albashi sakatariyar ta so ta aika wa akantan kamfaninsu jadawalin albashin ma'aikata 34, mai ɗauke da sunaye, lambobin asusun banki da abin da kowa ke karɓa. Sunan akantan Aminu. Ta rubuta haruffa uku a filin To, manhajar ta kawo mata jerin sunaye, ta danna na sama. Ashe wani Aminun ne, dillalin katako da suka yi musayar saƙo da shi makon jiya. Wannan cika suna da manhajar ke yi da kanta shi ne babban mai kai saƙo gidan da ba a aike shi ba, kuma a wurinmu da kowane ofis yake da Aminu biyu, Fatima uku, abin ya fi sauƙin faruwa. A waya ma sau da yawa suna kawai ake gani, sai an taɓa sunan adireshin ke fitowa. Ba ƙananan ofisoshi kaɗai abin ke samu ba. A watan Nuwamban 2014, gab da taron G20 a Brisbane, wani jami'in hukumar shige da fice ta Ostareliya ya aika lambobin fasfo da bayanan bizar shugabannin duniya 31, har da Barack Obama da Angela Merkel, ga masu shirya gasar ƙwallon ƙafa ta Kofin Asiya, saboda bai duba sunan da Outlook ya cika masa ba.

A wannan karon saƙo ɗaya ba zai yi ba, mutum uku ne ke buƙatar ji daga gare ta, kowa da nasa. Na farko shi ne wanda saƙon ya je wa bisa kuskure:

"Assalamu alaikum Alhaji. Saƙon da ya shigo muku daga gare ni da ƙarfe 2:05 na rana kuskure ne, ba ku aka nufa da shi ba. Yana ɗauke da bayanan cikin gida na kamfani. Don Allah kada a buɗe fayil ɗin ko a tura wa wani, a taimaka a goge shi, har daga Trash da kuma inda waya ke ajiye abin da aka sauke. Idan an goge, ina roƙon a amsa mini da layi ɗaya. A yi haƙuri da damuwar. Na gode."

A lura da abin da ba ta faɗa ba. Ba ta ce albashin ma'aikata ne ba. A misalin farko an fayyace bambancin da ke cikin takardar saboda mai karatu yana buƙatarsa, a nan kuwa fayyacewar gayyata ce. Wanda da ma bai kula da saƙon ba, yana jin an ce albashin manaja na ciki zai buɗe. Lokacin da saƙon ya shiga ya isa ya gane shi. Ta ambaci Trash ne domin a Gmail saƙon da aka goge yakan zauna a can kwana 30 kafin ya tafi gaba ɗaya, fayil ɗin da aka sauke kuma yana nan a waya ko an goge imel ɗin. Sannan roƙo ta yi, ba umarni ba. Alhajin nan bai yi laifin komai ba, kuma ba ƙarƙashinta yake aiki ba. Wannan dogon gargaɗin da kamfanoni ke liƙawa a gindin imel, mai cewa duk wanda saƙon ya je wa bisa kuskure haramun ne ya karanta, bai taɓa hana kowa karatu ba. Alfarma ake nema, kuma da harshen neman alfarma ake samunta. Shi ma a kira shi a waya, domin so ake a riga shi buɗewa.

Na biyu shi ne akantan da aka nufa tun farko. A buɗe masa sabon saƙo fil, a duba adireshin harafi da harafi, a maƙala jadawalin. Kada a saka shi a Cc na saƙon da aka aika wa dillalin, kada kuma a haɗa su a zare ɗaya, don kada gobe ya danna Reply all da gyararren jadawali ya sake kai wa dillalin.

Na uku shi ne manaja, kuma shi ne wanda zuciya ke cewa a bari tukuna a ga ko asiri zai rufu. Bai kamata a bari ba. Layi huɗu sun isa: abin da ya tafi, wanda ya samu, ƙarfe nawa, da abin da aka riga aka yi. Dalilin ya wuce ladabin ofis. Sunayen mutane da lambobin asusunsu bayanan sirri ne a idon doka. A Najeriya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta wa ma'aikatar da ke riƙe da irin waɗannan bayanai ta sanar da hukumar NDPC cikin sa'o'i 72 da sanin cewa sun fita, idan fitar tasu na iya jefa haƙƙin masu su cikin haɗari. Ba kowane saƙon da ya ɓata hanya ne ke kai wannan matakin ba, amma auna hakan ba aikin sakatariya ba ne ita kaɗai, kuma sa'o'in suna tafiya ko ta yi shiru. A Nijar ma akwai hukumar HAPDP mai kula da wannan fanni. Amsar nan ta layi ɗaya da aka roƙi dillalin ya aiko, a ajiye ta, domin ita ce za a nuna idan an tambayi matakin da aka ɗauka.

Amsar tasa dai alkawari ne, babu wata hanyar da za a leƙa wayarsa a tabbatar. Don haka duk abin da za a iya rufewa daga wannan ɓangaren a rufe shi. Idan akwai kalmar sirri a cikin saƙon, a sauya ta nan take, ko mutumin ya rantse bai gani ba. Idan kuma fayil ɗin ta linkin Google Drive ya tafi, an yi sa'a, domin ainihinsa yana hannunka: shiga Share ka cire sunan mutumin, ko ka mai da General access zuwa Restricted, linkin ya daina buɗe masa. Gmail da kansa yakan mai da fayil ɗin da ya wuce 25 MB ya zama irin wannan linkin. Amma idan ya riga ya sauke kwafi, cire shi ba zai dawo da kwafin ba.

Akwai wani nau'in kuskuren da gyaransa ke da tarko na musamman, wato a zuba adireshin mutane masu yawa a To ko Cc alhali a Bcc ya kamata su shiga, kowa ya ga kowa. A nan Reply all da muka yaba ɗazu shi ne abin gudu, domin zai sake baje jerin gaba ɗaya. Sabon saƙo ake buɗewa, a sa kowa a Bcc, a roƙe su su goge na farko kuma kada kowa ya amsa a kansa. A watan Satumban 2021 ma'aikatar tsaron Birtaniya ta yi wannan kuskuren da adireshin 'yan Afganistan 245 da ke neman a kwashe su bayan Taliban ta karɓi mulki. Mutum biyu daga cikinsu suka amsa wa kowa da kowa, ɗaya har ya faɗi inda yake. A Disamban 2023 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci ma'aikatar tarar fam 350,000. Haka yake ga makaranta mai aika wa iyayen da ake bi bashin kuɗin zango, ko asibiti mai tuna wa marasa lafiya ranar ganin likita, jerin sunayen kansa shi ne sirrin.

Ba kowane kuskure ne kuma ya cancanci gyara ba. Harafin da ya faɗi a tsakiyar kalma, ko "barka da safiya" da aka aika da yamma, a bar su, saƙo na biyu ƙarin kaya ne kawai a akwatin mutane. Ma'aunin shi ne ko wani zai aikata wani abu ba daidai ba saboda kuskuren, ko wani ya ga abin da ba nasa ba. Lamba, kwanan wata, wurin taro, sunan mutum da lambar asusu duk suna cikin abin da ake gyarawa.

Bayan ƙura ta lafa, akwai gyare-gyare biyu a kan manhajar kanta da ba su wuce minti biyu ba. A Gmail na kwamfuta a shiga Settings, sai See all settings, a ƙarƙashin General a nemo Undo Send a mai da shi 30, sannan a sauka ƙasa a danna Save Changes. A Outlook kuma, idan ka fara rubuta suna jerin ya fito, akwai alamar X a gefen kowane suna, danna ta yana cire adireshin daga jerin. Sakatariyar nan za ta iya cire dillalin, ko ta sauya yadda ta ajiye sunayen biyu su zama "Aminu Akanta" da "Aminu Katako". Sauran kuma sabo ne na hannu: a fara maƙala fayil, a buɗe shi daga cikin saƙon a ga shafin farko, a rubuta abin da za a rubuta, sai a cika filin To daga ƙarshe, tunda saƙon da babu adireshi a kansa ko an danna Send bisa kuskure ba zai tafi ba.